Idan hayaƙi ya rutsa da mutum a uwar ɗaka: muhawara daga zauren 'yan unguwa a Gombe

Maman Yusra: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya, kuma don Allah wanda ya sani ya amsa mini da gaske. Ciki da falo muke haya a Tudun Wada. Ƙofar uwar ɗaka cikin falo take buɗewa, tagar kuma an yi mata ƙarfe an kafe shi cikin bango. Ni da yara uku muke kwana a ciki idan maigidan ya yi tafiya. Allah ya kiyaye, idan wuta ta tashi a falo da dare muka farka hayaƙi ya shigo mana, me zan fara yi? In buɗe mu ruga ne, ko in zauna?

Ɗanlami Mai Walda: Wa alaikumus salam. Hajiya ki jiƙa tsumma ki rufe hanci da baki, ki jiƙa bargo ki lulluɓe yaran, ku buɗe ku keta da gudu. Zama a ɗaki ai jiran ajali ne.

Adda Hauwa: Allah ya tsare mu da zuri'armu. Baba Manu yana cikin zauren nan, shi ya yi aikin kwana-kwana har ya yi ritaya. Baba a taimaka mana.

Baba Manu: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Maman Yusra, tambayarki tana kan hanya. Ɗanlami, fita ita ce gaba da komai idan hanya tana nan, wannan ka yi gaskiya. Amma ba a buɗe ƙofa kafin a san abin da ke bayanta, kuma ba a gudu a tsaye cikin hayaƙi.

Bari in fara daga gado, don a nan ake fara kuskure. Mutum ya ji ƙauri ko ihu sai ya zabura ya miƙe tsaye, ya kai kansa daidai inda gubar take. Hayaƙi zafi gare shi, sama yake hawa ya taru ƙarƙashin silin, sannan ya riƙa saukowa. Ki ɗauka bokiti ne aka kife yake cika daga gindi: daga sama ɗaki yake cika, ƙasa ce ta ƙarshe. To idan kika farka, ki mirgino daga gado zuwa ƙasa, ki tsaya kan gwiwa da hannu. Iskar da ta fi dama-dama tana tsakanin santimita 30 zuwa 60 daga daɓe, wato kusan tsayin gwiwar babba. A nan kanki zai zauna har a gama. A nan ne ma za ki iya ganin ƙafar gado da gindin ƙofa, alhali mai tsaye ko tafin hannunsa ba ya gani.

Maman Yusra: Baba, to ba gara in kwanta rub da ciki gaba ɗaya ba, tunda ƙasa ta fi?

Baba Manu: A'a 'yata, rarrafe ya fi jan ciki. Mai jan ciki ba ya sauri, ba ya iya riƙe yaro, kuma akwai tururin wasu abubuwa masu nauyi da ke kwanciya dab da daɓe. Sai fa idan hayaƙin ya sauko har ya kai ki ga haka, sannan ki ƙara yin ƙasa gwargwadon yadda ya tilasta miki. Ki bi bango da hannu ɗaya. Ɗakin da kika shekara kina kwana ciki, idan ya yi duhu da hayaƙi sai ki nemi ƙofa ki rasa, ki riƙa zagaye tsakanin gado da durowa.

Malam Jauro: Ni dai na saba jin cewa gas ƙasa yake kwanciya. Wanda ya sayar mini da tukunya ya ce idan ta yi yoyo kada in bar yara a ƙasa, in buɗe ƙofa da taga duka, kada in taɓa makunnin fitila. Yanzu kuma ana cewa a yi ƙasa a rufe ƙofa. Wanne za mu ɗauka?

Habu Mai Wayarin: Malam, maganganu biyu ne ka haɗa. Naka yoyon gas ɗin girki ne, wuta ba ta kama ba tukuna. Shi ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, kuma abin da aka gaya maka daidai ne, a buɗe ko'ina a fice. Maganar Baba ta wutar da ta riga ta kama ce, tana ci tana fitar da hayaƙi mai zafi.

Malam Jauro: To, na gane. Allah ya ƙara sani.

Baba Manu: Madalla Habu. Yanzu ƙofa. Kin iso gindinta da rarrafe, kada ki cafki mariƙi. Ki kai bayan hannunki kusa da ƙyauren daga ƙasa, ki taɓa a hankali, ki riƙa hawa da hannun iya inda zai kai ba tare da kin ɗaga kai cikin hayaƙi ba. Sannan ki ɗan taɓa mariƙin, shi ma da bayan hannu, sannan tsagar da ke tsakanin ƙyaure da bango. Fatar bayan hannu ta fi saurin jin zafi, kuma idan ta ƙone tafin hannunki yana nan lafiya, da shi za ki yi rarrafe ki ɗauki yaro ki zare sakata.

Abin da kike nema shi ne bambanci. Ƙasa da sanyi, sama da ɗumi, to hayaƙi mai zafi ya taru a falo. Mariƙi da zafi, ko hayaƙi yana tsartuwa ta saman ƙofa, ko kina jin ƙarar ci da fashe-fashe, ko fenti ya fara kumbura, duk ɗaya ne: ba za a buɗe ba.

Habu Mai Wayarin: In ƙara a kan bayan hannun nan. Idan wuta ta cinye robar waya, wayar na iya taɓa ƙofar ƙarfe. Lantarki yana sa yatsu su dunƙule, wanda ya kama da tafi sai ya kasa saki. Wanda ya taɓa da bayan hannu, fizgar tana janye hannun ne daga ƙarfen.

Ɗanlami Mai Walda: Baba ina da ja a nan. Yawancin ƙofofin da muke yi wa mutane na ƙarfe ne. A watan Maris ko Afrilu a garin nan, ƙofar da rana ta daka tun azahar har bayan isha'i tana da ɗumi. Ke nan mutum ya taɓa ya ji ɗumi ya ƙi fita, alhali babu komai a bayanta?

Baba Manu: Jan naka mai kyau ne. Ƙofar da rana ta dafa, ɗuminta ɗaya ne daga ƙasa har sama, kuma raguwa yake yi. Wadda wuta ta dafa, sama ya fi ƙasa nesa ba kusa ba, kuma idan ka sake taɓawa bayan ɗan lokaci kaɗan za ka ji ya ƙaru. Ƙofar uwar ɗaka irin ta Maman Yusra ma rana ba ta ganinta, duk ɗumin da aka ji a jikinta da tsakar dare abin tsoro ne.

Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce ƙofar katako mai kauri, don ita ɓoye zafi take yi. Wuta na ci a bayanta, fuskar da ke wajenka tana nan da sanyi na ɗan lokaci. Shi ya sa ba a tsayawa kan ƙyaure kaɗai, sai an taɓa mariƙi, tunda ƙarfe ne ya ratsa daga can zuwa nan. Kuma ko komai ya yi sanyi, ba a wangale ƙofa. Ki tsaya a durƙushe ta bayan ƙyauren, ki tokare shi da kafaɗa ko gwiwa, ki kau da fuska daga tsagar, ki buɗe kamar faɗin yatsa biyu. Idan zafi ya bugo ko baƙin hayaƙi ya turo, ki mayar ki rufe har ki ji ya kama. Idan kina hango ƙofar waje ta ƙasa-ƙasa, hayaƙin sama yake kuma wutar ba ta tsakaninki da ita, to ku fita da rarrafe a jere, yara a gaba ke a baya kina ƙirga su, ki ja ƙofar ki rufe bayanki.

Ɗanlami Mai Walda: To tsumman da na ce a jiƙa fa? Kowa haka ya taso ya ji.

Sista Rifkatu: Bari in amsa wannan, Malam Ɗanlami, don mu muke karɓar mutanen a asibiti. Jiƙaƙƙen tsumma yana tare toka da baƙin ƙura, yana rage kartar maƙogwaro. Iyakarsa ke nan. Abin da ke kashe mutane a hayaƙi iska ce mai guba, babbarta kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana ratsa tsumma kamar babu shi. Idan ta shiga jini tana kama wurin da oksijin ke zama, riƙon da take yi ya fi na oksijin sau fiye da 200. Ga kuma katifar soso da kushin, idan suna ci suna fitar da wata guba mai suna sayanaid. Haɗarin tsumman shi ne mutum ya ji maƙogwaronsa ya yi sauƙi ya ɗauka ya tsira, ya shiga hayaƙin da bai kamata ya shiga ba. Sai ciwon kai, jiri, ƙafafu su mutu, tunani ya rikice. Ana samun mutum a faɗe taku kaɗan daga ƙofa, wuta ba ta taɓa shi ba ko kaɗan.

A yi amfani da shi idan yana kusa, amma kada a ɓata lokaci wajen nemansa, kuma kada a dogara da shi a keta falo mai ci.

Hamma Sale: Abin da Sista ta faɗa ya tuna mini da na ƙanina a Pantami, lokacin hunturu. Bari in ba ku yadda ya faru ko Baba zai duba mana. Matarsa ta sa hita a bokitin roba a falo, aka ɗauke wuta, ta manta ba ta zare ba suka kwanta. Cikin dare aka dawo da wuta, ruwa ya ƙone, bokiti ya narke, labule ya kama, daga nan kushin. Tarin ƙaramar 'yarsu ne ya tashe su. Shi ya diro daga gado ya buɗe ƙofa a tsaye, ya ce numfashi ɗaya ya ja ya ji kamar an zuba masa barkono a ƙirji, ya faɗi kan gwiwa. Allah ya taimaka faɗuwar tasa ta tura ƙyauren ya koma, matar ta ƙarasa rufewa da ƙafa. Ita ce ta jawo zannuwa daga kan akwati ta cusa a ƙarƙashin ƙofa, ta juye ruwan butar da ke ɗakin a kai. Amma hayaƙi bai daina shigowa ba, ta sama yake zubowa. Ta ja yaran zuwa gindin taga tana ihu, maƙwabta suka zo da diga da guduma suka fasa gefen tagar suka cire ƙarfen. Duk sun fita da rai. Shi ne dai ya kwana biyu a asibiti, muryarsa ta dishe.

Adda Hauwa: Innalillahi. Allah ya saka wa baiwar Allah nan da alheri, ta yi namijin ƙoƙari.

Baba Manu: Alhamdu lillahi da suka tsira. Sale, matar ƙaninka ita ta ceci gidan, kuma rufe ƙofar nan ya fi duk abin da aka yi a daren. Ku lura da abin da buɗewar ta jawo. Wutar da ke falo a rufe ta cinye yawancin iskar wurin, tana neman ƙari. Da ya buɗe, ya ba ta iskar uwar ɗaka, ita kuma ta turo masa hayaƙin da ta tara a sama, daidai tsayin fuskarsa. Idan falo ya kama sosai, zafin da ke ƙarƙashin silin yana kaiwa digiri 500 zuwa 600. Ba a buƙatar kusa da haka ma kafin numfashi ɗaya ya ƙona maƙogwaro. Da a durƙushe yake, da bayan hannu ya fara kaiwa, da bai buɗe ba sam.

Sai maganar toshewa, inda ka ce ta sama yake zubowa. Kowa ƙarƙashin ƙofa yake tunawa saboda nan ce kafar da ido ke gani. Amma hayaƙi mai zafi ta sama yake fara turowa, ta tsagar saman ƙyaure da gefe-gefensa na sama. Da farko ma kafar ƙasa iska take zuƙa daga ɗakinku zuwa wajen wutar, sai falon ya cika sannan ta fara turo hayaƙi. Duka biyun ake toshewa. Ta ƙasa a naɗe tawul ko bargo ko darduma a danna da ƙafa. Ta sama da gefe ana son abu marar kauri, ɗankwali, zani, rigar yara, a tura cikin tsagar da cokali ko mataji ko makulli. Idan akwai salatif mai faɗi irin na ɗaure kwali, ya fi komai saurin rufe tsaga, matuƙar ƙofar ba ta yi zafin da zai narkar da shi ba. Don yin na sama dole ki miƙe, to ki ja numfashi a ƙasa, ki riƙe, ki miƙe ki cusa, ki dawo ƙasa ki numfasa. Kada ki ja numfashi a tsaye ko sau ɗaya. Ramin makulli ma a cusa masa ƙyalle.

Maman Yusra: Idan babu ruwa a ɗakin fa Baba?

Baba Manu: Ki cusa a bushe. Jiƙaƙƙe ya fi don yana kwanciya ya like kuma ba ya saurin kamawa, amma busasshe ya fi babu nesa. Kada dai ki buɗe ƙofa neman ruwa. A guji leda da yadin roba a jikin ƙofa mai zafi, narkewa suke yi, auduga da bargo mai nauyi sun fi. Ki kashe fanka, mai esi ya kashe esi, don suna gauraya hayaƙin sama da iskar ƙasa da kuke shaƙa. Katifa da labule da kayan sawa a janye su daga jikin ƙofar. Tun yau ki riƙa kwana da jarka ko bokitin ruwa a ɗakin, da tocila da waya a inda hannunki zai kai daga ƙasa.

Zainab 'Yar Jami'a: Baba mu a ɗakin kwanan ɗalibai muke, bene hawa na biyu. An taɓa ce mana idan haka ta faru mu fasa gilashin taga hayaƙi ya fita. Wata kuma ta ce a shige banɗaki a sakar wa kai ruwa.

Baba Manu: Kada ki fasa, 'yata. Tagar da aka buɗe ana iya rufe ta, wadda aka fasa shi ke nan. Idan wutar tana hawan ƙasa da ku, hayaƙinta bango yake bi ya hau, ya shigo ta tagarku. Tsarin shi ne a rufe ƙofa, a toshe, sannan a buɗe taga kaɗan a gani. Iska mai kyau na shigowa, a bar ta a zauna a gindinta. Hayaƙi na shigowa daga waje, ko kin ga buɗewar ta sa na ƙofa ya ƙara ƙarfi, a mayar a rufe. Taga a buɗe da ƙofa a buɗe lokaci guda shi ne mafi muni, kin yi wa wutar hanya ta ratsa ta kanku.

Banɗaki ban ba da shawararsa ba. Ƙarami ne, iskarsa ba ta da yawa, tagarsa ko yaro ba ya fita ta ciki, ƙofarsa sau da yawa roba ce, kuma masu ceto ba za su gan ki ba. Ruwa ba ya hana guba shiga huhu. Ki shiga ki ɗebo ruwa ki jiƙa tawul, ki dawo ɗakin da ke da babbar taga mai kallon waje. Ki rataya zani mai haske a tagar, da dare ki riƙa kaɗa tocila.

A benaye hayaƙi yana kashe mutanen da wuta ba ta je kusa da su ba. A gobarar otal ɗin MGM Grand a Las Vegas ta Amurka a 1980, wutar a ƙasa ta ci, amma cikin mutum 85 da suka rasu yawancinsu a hawa na sama aka same su, hayaƙi ya bi matakala da ramin lifta da bututun iska ya iske su. Don haka idan kin leƙa kin ga baranda ko matakala ta cika da baƙin hayaƙi, ɗakinki a rufe ya fi ta.

Habu Mai Wayarin: Baba ka yi haƙuri, a nan ne nake da shakka. Ni nake shiga saman silin ɗin mutane ina jan waya. A gidajen haya da yawa bangon da ke tsakanin ɗaki da ɗaki bai kai kwano ba, a silin ya tsaya. Sama fili ɗaya ne tun daga ɗakin farko har na ƙarshe, ga katakon rufi a bushe. Silin ɗin roba da ake yayi yanzu, zafi kaɗan yake so ya yi laushi ya zubo. To mutum ya toshe ƙofa tsaf, wuta ta bi ta sama ta sauko masa. Ba mu ruɗi mutane ba idan muka ce su zauna? Ko a Landan, gobarar benen Grenfell a 2017, an ce wa mutane su zauna a gidajensu, wuta ta bi jikin bangon waje ta hau, mutum 72 suka rasu.

Baba Manu: Ba ka faɗi ƙarya ba Habu, kuma ban ce ɗaki mafaka ce ta dindindin ba. Toshe ƙofa sayen lokaci ne. A ginin da aka yi wa rufin kankare lokacin yana da ɗan tsawo, a irin gidan da ka kwatanta yana iya zama 'yan mintoci. Abin da ake yi da mintocin shi ne magana. Tun ana toshewa wani ya riƙa kira: lambar gaggawa 112, lambar 'yan kwana-kwana, da maƙwabcin da ya fi kusa. A faɗi unguwa da layi da wata alama da kowa ya sani, a faɗi mutum nawa ne, a ce wace taga. A unguwanninmu sau da yawa maƙwabci ne ke riga mota isowa, to a gaya masa ya zo da diga ta bayan ɗaki, kada ya ɓalle ƙofar falo. Masu taimako suna ɓalle ƙofar gaba da kyakkyawar niyya, iska ta shiga, wutar ta tashi gaba ɗaya alhali mutane suna ciki.

Kuma ido yana kan silin. Hayaƙi na fitowa ta gefunansa ko ta ramin fanka, ko ya fara lanƙwasa, ko yana ɗiga, to wuta ta hau sama. A matsa daga tsakiyar ɗaki a manne da bangon taga, a lulluɓe da jiƙaƙƙen bargo saboda abin da ke zubowa, duk ƙarfi ya koma kan ƙarfen taga.

Habu Mai Wayarin: To a wannan halin, idan ƙarfen ya ƙi fita, ba gara a gwada falon ba?

Baba Manu: Wannan ba ni da amsa ɗaya da zan ba kowa. Ya danganta da nisan ƙofar waje, ko a buɗe take ko da kwaɗo, da inda wutar take. Taku uku zuwa ƙofar da sakata kawai gare ta daban yake da falo mai tsawo da kushin ke ci a tsakiya. Abin da na gani a aiki shi ne falon da ya riga ya kama gaba ɗaya ba a keta shi da yara. Amma ba zan ce wa wanda silin ke zubo masa ya zauna ba.

Habu Mai Wayarin: Ni dai har yanzu ina ganin a irin gidajenmu gara a gwada fita da wuri.

Sista Rifkatu: Da wuri, e, kafin ƙofa ta yi zafi. Ai gwajin bayan hannun shi ke gaya maka ko lokacin ya wuce.

Ɗanlami Mai Walda: Maganar ƙarfen taga tawa ce. Ana iya yanka ɓangare ɗaya a mayar da shi mai buɗewa, a sa masa sakata ko kwaɗo ta ciki, a rataye makullin a ƙusa ƙasa-ƙasa inda hannun mai leƙe daga waje ba zai kai ba. Faɗin ya isa kafaɗar babba ta wuce. Sannan ku sani ƙofar ƙarfe idan ta sha zafi tana kumbura ta cije a jikin firam, ko da makulli a hannunka ba za ta buɗu ba. Taga ɗaya a uwar ɗaka ta isa.

Malam Jauro: Ɓarayi fa? Ni saboda su na kafe nawa, kuma mai gidan haya ba zai yarda a taɓa masa taga ba.

Adda Hauwa: A yi masa magana dai Malam, gidansa ne ma ake tsarewa. Amma kwaɗon da ya shekara ba a buɗe ba tsatsa yake yi, sai an riƙa gwada shi.

Maman Yusra: Zan sa maigidan ya tuntuɓi mai gidan. Tambaya ta ƙarshe Baba. Ƙaramin wata bakwai gare shi. In goya shi ne in yi rarrafen?

Baba Manu: Goyo a baya yana ɗaga kansa sama da naki, kuma duk abin da ya zubo daga silin shi zai fara samu. Ki ɗaure shi a ƙirji da zani, jikinki ya zame masa rumfa, hannuwanki biyu suna sake. Manyan kuma ki gaya musu tun yanzu, da rana tsaka, cewa ba a ɓuya. Yaro idan ya tsorata ƙarƙashin gado yake shiga ko cikin durowa ya yi shiru, a cikin hayaƙi kuma ba a ganinsa. Ki sa su gwada rarrafe daga gado zuwa gindin taga ido a rufe, har ya zame musu jiki.

Sista Rifkatu: Kada a danne fuskar jaririn da zani, a bar masa wurin numfashi. Yara sun fi manya saurin numfashi, gubar ta fi saurin kama su. Kuma bayan an fito, duk wanda ya shaƙi hayaƙi a rufaffen ɗaki a kai shi asibiti ko yana cewa lafiyarsa ƙalau, musamman yara da mai juna biyu. Dishewar murya irin ta ƙanin Hamma Sale, baƙi a hanci ko a majina, gashin hanci da ya babbake, numfashi mai ƙara, duk alamu ne cewa maƙogwaro na iya kumbura ya toshe bayan wasu awanni.

Hamma Sale: Shi madara aka fara ɗura masa a ƙofar gida, wasu na cewa a kawo manja.

Sista Rifkatu: Madara da manja ciki suke zuwa, gubar kuma a jini da huhu take, ba sa haɗuwa. Wanda hankalinsa bai dawo daidai ba ma yana iya shaƙe su su wuce huhu. A fitar da shi fili, a sassauta masa tufafi, idan a sume yake amma yana numfashi a kwantar da shi ta gefe, a nemi abin hawa. Oksijin yake buƙata, kuma a asibiti ake samunsa. Idan kun isa ku gaya wa ma'aikata cewa a rufaffen ɗaki ya shaƙi hayaƙin, da kimanin tsawon lokacin, don ƙaramin abin awon da ake maƙalawa a yatsa yana iya nuna lamba mai kyau alhali jinin cike yake da kabon monoksaid.